Shafi Ɗaya Kowane Dare: Labarin Mai Ƙuli ta Sae Sabuwa

 

A wannan fili mun saba yin zancen gona da garke. Yau za mu shiga kasuwa. Za mu ba ku labarin wata mata mai sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, kusa da Maraɗi. Labarin misali ne, don haka ba mu sa mata suna ba. Za mu riƙa ce mata Mai Ƙuli. Amma duk wanda ya san garuruwanmu, daga Tibiri har Cadawa da Agye da Gazawa, ya san irinta. Wataƙila ma tana cikin gidanku.

Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka ga lissafi, ku tsaya ku gwada shi da tsakuwa. Ku tuna dala 200 ita ce jika 1.

Sana'a mai kyau, aljihu babu kome

Dattawa suna tune da lokacin da gujiya take sarauniyar kasuwa a ƙasar Maraɗi. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya da fitar da ita waje. Daga baya fari ya zo, sannan a 1975 cuta ta faɗa wa gujiya, wannan babban ciniki ya karye. Amma turmin mata bai tsaya ba. Har yau a cikin gidaje ana soya gujiya, ana matse mai, ana toya ƙuli.

Mai Ƙuli ta gaji sana'ar wajen uwarta. Hannunta yana da kyau. Manta ba ya ɗaci, ƙulinta yana da ƙaras-ƙaras. Tana da masu saye na kullum. Akwai mai ƙosai ta bakin hanya, wadda take karɓar lita 1 kowace safiya. Akwai mai tuwo ta tasha, wadda take karɓar lita 3 a mako. Akwai mai tsire, wanda yake sayen ƙuli don yaji. Ranar kasuwa kuma tana kasa kayanta a rumfa.

Duk da haka, in wata ya ƙare, sai ta kwance bakin zane ta ga babu kome. Takan ce: "Ni dai ina aiki kamar jaki, amma ban san inda kuɗin ke tafiya ba."

Abin da yake damunta shi ne, duk cinikinta a kanta yake. Wanda ya ce a yi masa mai, a kanta. Wanda ya ci bashi, a kanta. Gujiyar da ta rage cikin buhu, ba ta aunawa, sai dai ta ɗaga buhun ta ji nauyinsa. Kuɗin jari da kuɗin cefane kuwa ƙulli ɗaya ne.

Ranar da ta ji kunya

Wata rana maƙwabciyarta ta haihu. Yayar maijego ta zo ta ce: "Inna, muna son lita 4 na mai ranar suna." Mai Ƙuli ta ce: "An gama. Allah ya raya." Ba ta rubuta ba, ba ta kuma karɓi kome ba.

Kwanaki suka shige. Ranar kasuwa ta zo, ciniki ya yi kyau, ta sayar da duk man da ke hannunta. Ta koma gida tana murna. Sai ana gobe suna, da marece, yarinya ta shigo da galan ta ce: "Inna, wai a ba da man."

Gaban Mai Ƙuli ya faɗi. Ta duba buhu, gujiyar ba ta kai tiya 2 ba. Ko da akwai gujiyar ma, dare ya yi, mai injin niƙa ya rufe. Dole ta bi gida-gida tana sayen mai wajen wasu mata da tsada, ta ba da shi a kan kuɗin da suka yi magana tun farko. Ta yi hasara, kuma man da ta samo wani yana da maƙaƙi. Mata suka ɗanɗana abinci a wurin suna, suka yi ta ƙus-ƙus.

Da gari ya waye, mai ƙosai ta aiko a karɓo mata lita ɗayanta. Babu. Wannan shi ne karo na uku cikin wata guda. Mai ƙosai ta zo da kanta ta ce: "Yaya, ba faɗa na zo yi ba. Amma ni in ban toya da safe ba, ƴaƴana ba su ci ba. Zan koma wajen wata."

A cikin makon nan kuma ranar biyan bashin asusu ta kusa. Mai Ƙuli tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara. Wannan tsari na asusun mata an fara shi a jihar Maraɗi a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, mai bukata ta ranta, ta biya a kan lokaci. Mai Ƙuli ta ranci jika 10 don ƙara jari. Yanzu ga lokaci ya zo, ba kuɗi, ba gujiya. Sai da ta sayar da ƴar akuyarta ta biya. Akuyar nan kuwa ta ajiye ta ne don kayan ɗakin autarta.

Daren nan ba ta yi barci ba.

Shawarar malama

Mai Ƙuli tana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ta iya rubuta lambobi, tana kuma haɗa baƙaƙe kaɗan-kaɗan. Bayan an tashi daga karatu, ta tsaya ta gaya wa malamarsu abin da ya faru.

Malama ta tambaye ta: "Inna, tiya nawa kike niƙawa a mako?"

Ta ce: "Wani mako da yawa, wani mako kaɗan."

"Tiya 10 lita nawa take ba ki?"

"Yadda Allah ya sa."

"Mutum nawa kike bi bashi?"

Mai Ƙuli ta fara ƙirga da yatsu, ta ɓace, ta sake farawa.

Malama ta ce: "Inna, ba hannunki ne ya gaza ba. Kai ne ya yi wa kayan kaɗan. Ki sayi littafi irin na ƴan lakwal da alƙalami. Kowane dare, bayan sallar lisha, ki cika shafi ɗaya. Ba tarihin abin da ya wuce za ki rubuta ba kawai. Shirin gobe za ki yi tun yau."

Malama ta ja layi uku a kan shafi, shafin ya rabu gida huɗu. Da yake rubutun Mai Ƙuli bai nuna ba tukuna, sai suka sa wa kowane gida zane.

Gida na farko, zanen hannu. Nan ake rubuta alƙawari: wa ya ce a yi masa, nawa, wace rana.

Gida na biyu, zanen kwalba. Nan ake rubuta abin da ya rage a ɗaki: gujiya tiya nawa, mai lita nawa, ƙuli na nawa.

Gida na uku, zanen turmi. Nan ake rubuta aikin gobe.

Gida na huɗu, zanen ƙulli. Nan ake rubuta kuɗin da ya shigo, da wanda ya fita, da bashi.

Malama ta ƙara da cewa: "Sharaɗi ɗaya ne. Gidan kwalba ba a cika shi da ka. Sai kin tashi kin auna."

Abin da awo ya nuna

Mako biyu na farko, Mai Ƙuli ba ta ga wani canji ba. Auta tana riƙe mata fitila, tana taya ta rubuta sunayen mutane. Maigida ya leƙo ya yi dariya ya ce: "Yau kuma akawu muka samu a gidan?" Ta ce: "Malam, bari dai mu gani."

Amma da suka jera shafukan, abubuwa uku suka fito fili.

Na farko, ta gane abin da gujiya take ba ta. In ta niƙa tiya 10 ta ɓararriyar gujiya, takan sami lita 8 na sayarwa, bayan wanda ƙuli ya sha wurin tuya. Ke nan tiya 5 lita 4 ce.

Na biyu, ta gane abin da ake bukata wurinta a mako. Mai ƙosai lita 7. Mai tuwo lita 3. Rumfar kasuwa da ƴan saye na gida wajen lita 6. Duka lita 16. Lita 16 kuwa tiya 20 ce. Ashe aikinta matsa biyu ne a mako, kowace tiya 10. Da can takan niƙa tiya 15 in ta ji kuɗi a hannu, wani lokaci tiya 4 in babu. Shi ya sa yau kaya su yi yawa, gobe a rasa.

Na uku, ta gane ribarta. Ga yadda lissafin ya kasance a lokacin. Ku sani farashi yana canzawa, kowa ya sa na garinsu. Tana sayen tiya a kan dala 300, wato tiya 10 jika 15. Niƙa jika 1. Itace da gishiri da ɗan abin da ba a rasa ba, jika 1. Duka ta kashe jika 17. Tana sayar da lita a kan dala 300, wato lita 8 jika 12. Ƙulin da ya fito daga tunkuzar yana kawo jika 8. Duka jika 20. In an cire 17 daga 20, saura jika 3. Wannan ita ce ribar matsa ɗaya. A mako jika 6.

Mai Ƙuli ta yi shiru. Sannan ta ce wa Auta: "Ashe man kaɗai bai ko mayar da kuɗin gujiya ba. Ribar tana cikin ƙuli. Ni kuwa ƙulin nake rabawa kyauta, kowane yaro ya shigo in cika masa hannu."

Gidan ƙulli kuma ya nuna mata cewa a mako tana zarar wajen jika 8 don cefane da biki da gudummawa. Riba jika 6, ana cin jika 8. Kowane mako jika 2 na jari yana tafiya cikin tukunya. Ba ɓarawo, ba sammu. Ita ce take cin uwar kuɗinta ba ta sani ba.

Daga ranar ta nemo gwangwani biyu. Ɗaya na jari, ɗaya na riba. Duk matsar da ta sayar, sai ta fara mayar da jika 17 cikin gwangwanin jari. Abin da ya hau kai shi ne nata. Kyauta ba ta daina ba, amma ta ware ɗan kwano guda na ƙulin yara. In ya ƙare, ya ƙare.

Ƙirga kwana da baya-baya

Ga dabarar da ta fi yi mata amfani. Mai ba ya fitowa rana ɗaya. Ranar farko ana tsince gujiya, a fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓiya. Rana ta biyu a soya, a murje, a sheƙe, a kai inji. Rana ta uku a tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, a matse, a murza tunkuza, a toya ƙuli. Rana ta huɗu man ya kwanta, a tsiyaye shi, a kai wa mai shi. Wata tana iya haɗa aikin cikin kwana biyu. Amma Mai Ƙuli ita kaɗai ce da Auta, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga layin inji.

Saboda haka, duk wanda ya kawo alƙawari, sai ta fara daga ranar bayarwa ta ƙirgo baya.

Ba a daɗe ba aka sake haihuwa a unguwa, ranar Lahadi. Suna sai Lahadi ta sama. Ranar Litinin kakar jariri ta zo ta ce a yi musu lita 4. Mai Ƙuli ta ce: "Yaya, zauna in duba." Ta buɗe littafi. Suna Lahadi da sassafe, ke nan sai man ya isa gidan ranar Asabar. Matsa ranar Juma'a. Suya da niƙa ranar Alhamis. Gujiya ta kasance a ɗaki, an tsince, ranar Laraba. Lita 4 tiya 5 ce, ƙari a kan aikin da ta saba.

Sannan ta ce: "Zan yi. Amma a ba ni rabin kuɗin yanzu, kafin alƙalami, in ƙaro gujiya." Tsohuwar ta ɗan ɓata rai ta ce: "Da can ba ki tambaya." Mai Ƙuli ta ce: "Da can kuma kin ga yadda na kunyata. Gara ki ji haushina yau da ki ji shi ranar suna." Tsohuwar ta yi dariya ta ƙirgo dala 600.

Ga abin da ke shafinta na daren Litinin ɗin:

Hannu: mai ƙosai lita 1 gobe. Mai tuwo lita 3 Alhamis. Gidan suna lita 4 Asabar, sun ba da rabi.

Kwalba: gujiya tiya 12. Mai lita 7. Ƙuli na jika 3.

Turmi: gobe in ware lita 3 na mai tuwo, in ɗaure bakin galan. In ba da sautun gujiya tiya 13. In gaya wa mai inji ina zuwa Alhamis da tiya 15.

Ƙulli: ya shigo dala 900, har da na gidan suna. Ya fita dala 100. Mai tsire bashi dala 400.

Ku duba yadda ta sami tiya 13. Matsar Juma'a tana son tiya 15, wato 10 na kullum da 5 na suna. Tana da 12, saura 3. Matsa ta gaba kuma tana son 10. In an haɗa 3 da 10, an sami 13. Ku duba kuma man da ke ɗaki. Lita 7 ne. Na mai tuwo 3, na mai ƙosai 4, daga Talata zuwa Juma'a. Ke nan duka da masu su, ba ko ɗigo na sayarwa. Da can, in ta ga lita 7 a ɗaki, sai ta ce tana da mai, ta sayar wa duk wanda ya zo. Yanzu ta san kayan da aka yi alƙawarinsa ba nata ba ne, ajiya ce.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta kai lita 4 gidan suna. Mai ƙosai, wadda ta yarda ta sake gwada ta, ba ta rasa ko safiya ɗaya ba.

Layin gawayi

Sai ta ƙara wata dabara. Ta auna tiya 10 ta zuba cikin babbar roba, ta ja layi da gawayi daidai inda gujiyar ta tsaya. Ta ce wa Auta: "Duk ranar da kika ga layin nan ya bayyana, ki gaya mini. Ranar za mu ba da sautu, ba ranar da roba ta koma wayam ba." Dalili shi ne, daga ba da sautu Maraɗi ko ƙauye zuwa isowar kaya ana iya kwana biyu ko uku. Tiya 10 da ke ƙasan layi ita ce za ta riƙe ta har kayan su iso. Tun daga nan ba ta ƙara sayen gujiyar gaggawa da tsada wajen maƙwabta ba.

Mai kuma, ta riƙa sa wa kowane galan alamar ranar da aka matse shi. Tsohon shi ake fara sayarwa. Tana rufe bakinsa sosai, tana ajiye shi cikin inuwa, domin rana da iska su ne suke sa mai ya yi maƙaƙi.

Inda shirin ya yi tuntuɓe

Kada ku ce daga nan kome ya tafi sumul. Sau uku ta yi tuntuɓe.

Na farko, an yi biki a danginsu, ta kwana uku ba ta buɗe littafi ba. Da ta dawo, ta zauna ta cika shafukan da ka. Ta rubuta gujiya tiya 9, alhali 6 ce. Ranar niƙa ta zo, kaya bai kai ba. Daga nan ta gane shafin da aka cika da ka ya fi shafin da ba a rubuta ba haɗari, don yana sa mutum ya saki jiki. Yanzu in ta tsallake dare, ba ta cike gurbin. Sai ta tashi ta auna kome, ta fara sabon shafi.

Na biyu, wata matsa ta ba ta lita 7 maimakon 8. Ta gaba ma haka. Da can ba za ta lura ba. Yanzu littafi ya nuna. Lita 1 dala 300 ce, rabin ribar matsa ke nan. Ta bincika. Suya ba ta canza ba, inji bai canza ba. Sai ta sake auna gujiyar da aka kawo mata da tiyarta ta gida, ta ga tiya 10 ɗin ba ta cika ba. Ta kuma ɓara ƙwaya ta ciza, ta ji ba ta ƙaras, alamar ba ta gama bushewa ba. Ga kuma ƙanana masu yamushi da yawa a ciki. Tun daga ranar, kaya in sun iso, sai ta sake aunawa a gaban wanda ya kawo, ta kuma ciza. Wadda ta yi baƙi ko hunhuna tana fitar da ita gaba ɗaya. Ba ta ba yara, ba ta ba bisashe, domin gujiya mai hunhuna tana ɗauke da dafi mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Na uku, da ciniki ya buɗe, sai zuciya ta ɗebe ta. Da damina ta toya ƙuli mai yawa ba tare da kowa ya nema ba. Iska mai laima ta shige shi, ya yi laushi, mai tsire ya ƙi saye. Ta karyar da shi. Malama ta ce mata: "Inna, gidan turmi daga gidan hannu yake cin abinci. Abin da aka nema, da abin da kika saba sayarwa, shi za ki yi. Ba abin da kike fata ba."

Abin da littafi ba ya iyawa

Littafi ba ya saukar da farashi. Da bazara ta yi, manoma suna neman iri, gujiya ta hau. Mai Ƙuli ta zauna ta yi lissafi. In tiya ta kai dala 360, tiya 10 ta zama jika 18. A haɗa da jika 2 na niƙa da itace, jika 20 ke nan. Abin da take samu ma jika 20 ne. Riba ta ƙare, sai wahala.

Da can da ta ci gaba da aiki tana murna, jari yana zubewa. Yanzu ta san iyakarta. Da tiya ta kusa dala 360, ta je wajen masu sayenta tun da wuri ta ce: "Daga mako mai zuwa lita za ta ƙaru da dala 40. Na gaya muku yanzu don ku shirya." Mai ƙosai ta yarda, don ta san ba za ta rasa mai da safe ba. Mai tuwo ta ƙi, ta koma man kanti. Mai Ƙuli ba ta yi fushi ba. Ta rage yawan gujiyar da take niƙawa daidai da masu sayen da suka rage.

Da kaka ta zo, gujiya ta sauka, ta sake zuwa asusu neman rance. Wannan karon ta buɗe littafi a gaban mata. Ta nuna musu abin da take samu a mako, da makon da za ta gama biya. Ta sayi gujiya mai ɓawo, busasshiya, domin ta fi jure ajiya. Ta ɗora buhunan a kan itace, ba a ƙasa ba, ba a jikin bango ba. Ta biya bashin cikin lokaci, ba ta sayar da kome ba.

Yau masu kawo mata alƙawarin suna da na aure sun ƙaru, har daga ƙauyukan kewaye. Ba don manta ya canza ba. Man jiya ne. Abin da ya canza shi ne, in ta ce Asabar, Asabar ce. Wani lokaci ma takan duba littafi ta ce: "Ku yi haƙuri, makon nan ya cika, ba zan iya ba." Wanda aka gaya wa gaskiya da wuri yakan dawo. Kafin shekara ta kewayo ta mayar da akuyar Auta. Maigida kuwa, da ya zo sayar da wakensa, shi da kansa ya ce: "Ara mini shafi ɗaya."

Ga mai son gwadawa

Wanda bai iya rubutu sosai ba, kada ya ce ba da shi ake ba. Zane ya isa. Kowace tiya a ja sanda ɗaya, kowace lita a yi ɗan kewaye. Sunan mutum a yi masa alama: mai ƙosai zanen kasko, mai tsire zanen tsinke. Ko a nemi gwangwanaye huɗu da tsakuwa. Matan makiyaya masu kai nono da man shanu gidajen da suka saba, su ma gida huɗun nan ya ishe su, sai dai su nasu kayan ba ya jira, shirin nasu na kwana ɗaya ne ko biyu.

A fara da awo. A auna matsa uku a jere, a ga tiya nawa take ba da lita nawa. A ƙirga masu saye na kullum. Daga nan sauran lissafin zai fito da kansa. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Alƙawarin da ba ka ƙirga kwanakinsa ba, kada ka ɗauke shi.

Malaman yaƙi da jahilci, muna roƙonku ku karanta wannan labari a aji, ku sa ɗalibai su sake lissafin da farashin kasuwarku. Wanda ya gwada, ya aiko mana da abin da ya gani, ko daɗi ko akasinsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, amin.